Tarmos: yadda yake tsare zafin shayi daga asuba har la'asar

Tarmos, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira filas, mazubi ne mai bango biyu, ɗaya cikin ɗaya, da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu aka liƙe bakin. Ba shi da wuta a ciki, ba shi da batir, kuma ba ya ƙara wa shayi zafi ko na digiri ɗaya. Aikinsa kawai shi ne ya rage saurin ficewar zafin da aka zuba masa. Shi ya sa tarmos ɗin da ya tsare ruwan zafi da sanyin hunturu, shi ne dai zai tsare ruwan sanyi da zafin bazara: a farko yana hana zafi fita, a na biyu yana hana shi shiga.

Zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi, kuma hanyoyi uku yake bi. Yana ratsa jikin abu, kamar yadda cokalin da aka bari a cikin kofin shayi ke ɗaukar zafi har bindinsa. Iska ko ruwa na kwasarsa su tafi da shi, kamar iskar da ke tashi saman tukunya. Sannan yana fita a matsayin huci, irin wanda mutum ke ji a fuska idan ya zauna nesa kaɗan da garwashi. Kowane sashe na tarmos an yi shi ne don toshe ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, kuma wanda ya san wane sashe ke toshe wace hanya zai gane dalilin da ya sa tarmos ɗinsa ya daina aiki.

Asalinsa

Wanda ya ƙirƙiro shi, James Dewar, masanin kimiyya ne ɗan Sikotilan da ke aiki a birnin Landan, kuma shayi ba ya cikin lissafinsa. A shekarar 1892 yana binciken yadda ake sanyaya iska har ta zama ruwa. Irin wannan ruwa yana da sanyin da ya kusa digiri 200 ƙasa da sifili, ta yadda ɗakin gwaji na yau da kullum tamkar murhu yake a gare shi: da an zuba shi a kwalba sai ya tafasa ya ƙone. Dewar ya sa aka yi masa kwalba mai bango biyu, aka zuƙe iskar tsakiya, daga baya kuma aka shafa wa bangon azurfa. Bai yi wa ƙirƙirar rajista da sunansa ba. Wani maƙerin gilashi Bajamushe, Reinhold Burger, shi ya ga cewa abin zai yi amfani a gida, ya yi rajistarsa a 1903, ya sa masa riga ta ƙarfe don kada ya fashe. A 1904 aka fara sayar da shi da sunan da ya zama tarmos a bakinmu, daga kalmar Girkanci mai nufin zafi. Na ƙarfe zalla ya fito a Amurka a 1913, ta hannun William Stanley.

Hanya ta farko: ratsawa

Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma abin da muke kira zafi motsin waɗannan ƙwayoyi ne. Na wuri mai zafi suna kaɗawa da ƙarfi, su bugi na kusa da su, waɗannan su ma su bugi na gaba, har motsin ya kai ƙarshen abin. Abubuwa sun bambanta ƙwarai wajen saurin miƙa wannan motsi. Mace mai tuƙa tuwo ta san haka ko ba ta je lakkal ba: muciyar itace ba ta ƙona hannu, ludayin alminiyam kuwa sai an sa tsumma. Idan aka auna, alminiyam ya fi gilashi saurin miƙa zafi sau fiye da 200. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake kira inoks, ya fi gilashi sau 15 ko makamancin haka. Iska kuma ta fi gilashi jinkiri kusan sau 40.

Tunda iska na da jinkiri haka, mai karatu zai iya tambaya me ya sa ba a bar ta a tsakanin bangon biyu ba. Ana barinta a wasu kayan. Kular abinci da ake kai wa asibiti ko gidan biki haka take: tsakanin robar ciki da ta waje an cusa wani soso mai ƙananan ramuka cike da iska. Tana aiki daidai gwargwado, amma sai da kauri, kuma ba ta kai tarmos daɗewa.

Mu ɗauki tarmos mai cin litir ɗaya, wanda za mu riƙa komawa gare shi har ƙarshe. Kwalbar cikinsa faɗinta santimita 8 ne, tsawonta santimita 20, tazarar da ke tsakanin bangon biyu kuma milimita 4. An zuba shayi mai zafin digiri 95, ɗakin kuma yana digiri 25. Da iska ce a tsakiyar, kuma bangon waje ya tsaya a zafin ɗaki, zafin da zai ratsa ta zai kai wat 27. Wat shi ne ma'aunin da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki, wato yawan ƙarfin da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Litir ɗaya na ruwa yana sauka digiri ɗaya duk lokacin da ya rasa jul 4,200, kuma wat ɗaya daidai yake da jul ɗaya a daƙiƙa. Saboda haka da wat 27 shayin zai riƙa sauka digiri ɗaya kowane minti biyu da rabi. Wanda ya cika shi da asuba, kafin hantsi ya ɗaga shayin ya salamce.

Idan babu ƙwayoyin iska a tsakiya, babu wanda zai miƙa zafin. Sai dai a nan akwai wani abu da ke ba mutane mamaki. Zuƙe rabin iskar ba ya rage ratsawar da rabi. Kusan ba ya rage komai. Ko kashi 99 cikin 100 aka cire, bambancin kaɗan ne. Dalilin ya yi kama da ƴan dako a cikin kasuwa mai cunkoso. Idan suna da yawa, kowa na karo da kowa, ba wanda ke nisa kafin ya miƙa kayansa ga wani. Idan aka sallami rabinsu, hanya ta buɗe, waɗanda suka rage suna tafiya ninki biyu kafin su yi karo, kayan da ke isa bakin kasuwa kuma yawansu bai sauya ba. Sai ranar da suka yi ƙaranci har kowane ɗaya na tafiya daga wannan bango zuwa wancan ba tare da ya gamu da kowa ba, sannan rage yawansu zai fara rage kayan da ke wucewa. Ƙwayoyin iska haka suke. A tazarar ƴan milimita, sai an rage iskar ta koma kashi ɗaya cikin dubu ɗari kafin a fara ganin babban bambanci, kuma masu ƙera tarmos na kirki suna wuce nan, su kai kashi ɗaya cikin miliyan ko ƙasa da haka.

Wannan ne ya sa ba a gyara tarmos ɗin da ya sha iska. Famfon da ke iya irin wannan zuƙa sai a masana'anta, kuma huda wadda ido ba ya gani ta isa ta lalata aikin gaba ɗaya, domin ƴar iska kaɗan da ta shiga tana yin ɓarnar da iska mai yawa za ta yi.

Hanya ta biyu: kwasa

Iska idan ta yi zafi tana yin shafal ta tashi sama, mai sanyi ta zo ta maye gurbinta, ita ma ta ɗauki zafi ta tashi. Butar shayi da aka sauke daga kan gawayi haka take hucewa: iskar da ke shafar jikinta tana ta canji, kowace ta kwashi nata rabo ta wuce. Idan iskar hunturu na kaɗawa, abin ya fi sauri. A tsakanin bangon tarmos wannan hanya a rufe take ruf, tunda babu iskar da za ta zagaya.

Inda kwasa ke da ƙarfi shi ne ta baki, kuma a can tana da abokin tafiya da ya fi ta ɓarna, wato tururi. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi mai yawa. Giram ɗaya na ruwa da ya tashi yana tafiya da jul kusan 2,300, abin da ya isa ya sauke litir guda da rabin digiri. Giram goma, cikin cokali biyu na shayi ke nan, sun sauke shi da digiri biyar da ɗoriya. Da wannan dabarar randa da tulu ke sanyaya ruwa: yumɓu na tsattsafo da ruwa a waje, ruwan ya bushe, ya tafi da zafi. Abin da ake so a randa, shi ne ake gudu a tarmos. Idan marfi ya zauna daram, tururin da ya tashi yana cika ɗan sararin da ke saman shayin, daga nan tashin ya tsaya, wanda ya taɓa marfi kuma ya koma ruwa ya ɗigo ciki. Idan zoben robar marfin ya bushe ko ya tsage, tururi na sulalewa a hankali dare da rana, kuma mai tarmos zai rantse cewa kwalbar ce ta mutu alhali zoben ne kawai.

Hanya ta uku: huci

Wannan ita ce hanyar da zuƙe iska ba ya taɓawa. Zafin rana yana iso mana bayan ya ƙetare sararin da ba iska a cikinsa, tafiyar kilomita miliyan 150. Kowane abu yana fitar da irin wannan huci gwargwadon zafinsa: garwashi, bangon siminti bayan faɗuwar rana, jikin mutum, har kwalbar da ke cike da shayi. Wani nau'in haske ne da ido ba ya gani amma fata na ji, kuma ba ya buƙatar kowa ya ɗauke shi.

Gilashi, duk da ana gani ta cikinsa, gwani ne wajen fitar da wannan huci da kuma shanye shi. Yana fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da kowane abu zai iya fitarwa a wannan zafi. A tarmos ɗinmu na litir ɗaya, da an zuƙe iska tas amma an bar gilashin tsirara, hucin da zai tsallaka daga bangon ciki zuwa na waje zai kusa wat 30. Wato ya ɗan ɗara abin da iska ke yi. Duk wahalar zuƙe iskar da ta rage ɓarnar da rabi kawai.

Maganin shi ne azurfar nan da ke sa cikin tarmos ya yi ƙyalli kamar madubi. Ƙarfe mai sheƙi yana da halaye biyu da ke tafiya tare: ba ya fitar da huci sai kaɗan, kuma wanda ya faɗo masa yana mayar da shi. Azurfa mai santsi tana fitar da kashi 2 zuwa 3 ne kacal cikin 100. Bangon ciki ya fitar da ɗan kaɗan, bangon waje ya mayar da mafi yawan wannan ɗan kaɗan ɗin, sai lissafin ya faɗo daga wat 30 zuwa wajen rabin wat. Shafin ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, amma aikin da yake yi ya kai na zuƙe iskar.

Mutane da yawa na zaton azurfar tana taɓa shayin. Ba ta taɓa shi. An shafa ta ne a fuskokin nan biyu da ke kallon juna a cikin sararin da aka zuƙe, kuma abin da mutum ke gani idan ya leƙa, ta cikin gilashi yake hango ta, kamar dai madubin ɗaki da shafinsa ke baya. Don haka wanki ba ya goge ta. Tarmos na ƙarfe shi ma yana da nasa: galibi ana shafa jan ƙarfe a bayan bangon ciki, ko a naɗe shi da siririn fallen ƙarfe mai sheƙi, domin inoks shi kaɗai bai kai azurfa mayar da huci ba.

Inda zafin ke fita duk da haka

Bangon biyu dole su haɗu a wani wuri, in ba haka ba na ciki zai faɗi. Suna haɗuwa a wuya. A nan zafi na samun gada: ya hau bangon ciki zuwa baki, ya juya ya gangaro ta bangon waje. Marfi ma hanya ce, ko da an yi shi da roba mai rami a ciki ko da ɓawon itace mai laushi irin na tsofaffin tarmos. A wasu manyan na gilashi akwai ƴan ƙananan matashai tsakanin bangon biyu don kada su gogi juna, su ma suna wucar da kaɗan. Mafi yawan zafin da tarmos mai lafiya ke rasawa ta wuya da marfi yake fita.

Daga nan ake gane siffarsa. Wuya siriri ne don gadar ta yi ƙanƙanta. A na ƙarfe, tunda inoks ya fi gilashi miƙa zafi, ana yin bangon wuyan da ƙarfe marar kauri sosai. Tarmos mai faɗin baki, irin na zuba abinci, ba ya taɓa kai mai siririn wuya daɗewa, ko da kamfani ɗaya ya yi su. Babba kuma ya fi ƙarami: na litir biyu yana ɗauke da zafi ninki biyu na mai litir ɗaya, amma wuyansu kusan ɗaya ne.

A ce tarmos ɗinmu, da wuya da marfi da ragowar huci duka, yana rasa wat 4 a sa'o'in farko. Digiri ɗaya ke nan kowane minti 17 ko 18. Shayin da aka zuba da ƙarfe shida na safe yana digiri 95, da ƙarfe goma sha biyu na rana zai kasance wajen 75. Saukar ba ta ci gaba da wannan sauri, domin yawan zafin da ke fita ya danganta ne da tazarar da ke tsakanin zafin ciki da na waje. Da farko tazarar digiri 70 ce, bayan awa shida ta koma 50, wato kashi biyar cikin bakwai. Kowace awa shida da ta biyo baya tana sake rage tazarar da wannan kaso. Da ƙarfe shida na yamma shayin na wajen digiri 61, washegari da safe kuma wajen 43. Ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba.

Wannan lissafi na nuna abubuwa biyu da masu tarmos ke gani kullum. Na farko, yanayi na da hannu. Da asubar watan Janairu a Damagaram ko Tawa, lokacin da iska ke sauka wajen digiri 15, tazarar farko digiri 80 ce. A watan Afrilu da ɗaki ke kai 40, digiri 55 ce. Tarmos ɗaya ne, amma a hunturu ya fi saurin hucewa, ba don ya lalace ba. Na biyu ya fi muhimmanci: cika. Idan rabin litir aka zuba a tarmos na litir ɗaya, ƙofar fitar zafin ba ta ragu ba, amma ajiyar rabi ce. Abin da cikakke zai yi a awa goma sha biyu, wannan zai yi shi a kusan awa shida. Haka kuma duk kofin da aka tsiyaya yana rage ajiyar, iska mai sanyi ta shiga ta maye gurbinsa, tururi kuma ya fice. Mai shayin da ke buɗe tarmos kowane minti biyar bai kamata ya sa ran abin da aka rubuta a kwali ba, domin masu kwalin a cike suke gwadawa, kuma ba sa buɗewa.

Ɗauraye tarmos da ruwan zafi kafin a zuba shayi yana da amfani, amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba. Kwalbar ciki mai nauyin giram 200 tana shan zafin da zai sauke litir ɗaya da digiri biyu zuwa uku kafin ita ma ta yi zafi. A ƙaramin tarmos asarar ta fi haka. Babban amfanin ɗaurayen ga na gilashi shi ne kare shi daga tsagewa, domin gilashi mai sanyi da aka kwarara wa tafasasshen ruwa farat ɗaya yana buɗewa ta ciki kafin wajensa ya biyo.

Yadda ake gane ya mutu

Gwajin da ya fi inganci ba ya buƙatar kayan aiki. A cika tarmos da tafasasshen ruwa, a rufe, a jira minti goma, a dafa jikinsa. Ɗumi kaɗan a wuya da marfi daidai ne, mun ga dalili. Amma idan tsakiyar jikin ya yi zafi, iska ta shiga, tarmos ya zama buta. Idan wuri ɗaya ne kawai ya yi zafi a na ƙarfe, a duba, galibi za a tarar da lotsawa a wurin: bangon waje ya lanƙwashe ya taɓa na ciki, an samu sabuwar gada. Idan jiki da sanyi amma shayi na hucewa da wuri, a kwantar da tarmos a gefe a ga ko marfi na ɗiga, ko a lura ko cikin kofin da ke rufe saman yana jiƙewa da tururi. Wannan matsalar marfi ce, kuma ita ce mai arhar gyara.

Na gilashi mai rigar roba yana iya ɓoye zafinsa, domin akwai iska tsakanin kwalbar da rigar. A irin wannan sai a kwance gindin a duba ƙasan kwalbar. Akwai wani ɗan tsini a wurin, kamar kan nono. Ta nan aka zuƙe iskar, sannan aka narkar da gilashin aka liƙe. Shi ne wuri mafi rauni a duk tarmos ɗin. Idan ya ɓalle, ko da sauran kwalbar lafiya lau, aiki ya ƙare. Alama ta biyu ita ce azurfar ta dushe, ta yi baƙi-baƙi ko ta yi dabbare-dabbare, domin iska da laima sun same ta. Idan an girgiza aka ji ƙarar tsakuwa ko motsin ruwa alhali an juye komai, kada a sake shan abin da ke ciki, saboda ɓarɓashin gilashi. Abin sauƙi a nan shi ne kwalbar ciki ana iya canza ta a bar rigar, in dai an samu mai girma ɗaya.

Wasu masu saye a kasuwa kan kara bakin tarmos a kunne, idan suka ji yana gunji su ce mai kyau ne. Kowace kwalba wofi tana yin wannan gunji, har wadda ta sha iska, domin amon kasuwar ne ke kai da komo a cikin ramin. Gara mutum ya nemi mai kaya ya yarda a gwada da ruwan zafi.

Na ƙarfe yana da wata mutuwar ta sannu a hankali. Ƙarfe da kansa yana fitar da ƴar iskar da ta maƙale a jikinsa tun wajen ƙira, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Masu ƙira kan gasa shi lokacin zuƙa don ya fitar da mafi yawa, kuma su ajiye wani ɗan ƙwayar sinadari a cikin sararin da ke shanye ragowar. Masu arha a nan suke rage kuɗi, shi ya sa wani tarmos ke aiki sosai watannin farko sannan ya riƙa ja baya ba tare da ya taɓa faɗuwa ba. A wajen wanki kuma, ruwan jabel yana cin inoks, yana yi masa ƙananan ramuka, musamman a wurin walda. Haka ma ruwan gishiri da aka bari ya kwana. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa, a bar shi a buɗe ya bushe. Ba a ɗora tarmos a wuta, ba a jefa dunƙulen ƙanƙara a na gilashi, ba a kuma zuba lemo mai gas ko abin da ke tsami yana kumfa, domin matsin na iya harbo marfin.

Madara, kunu da abincin jarirai

Ruwan zafi zalla ko shayi baƙi ba su da haɗari idan sun huce, daɗi kawai suke rasawa. Ganyen shayi da aka bari a ciki kuwa yana ci gaba da jiƙa muddin ruwan na da zafi, sai ya yi ɗaci. Gara a tace kafin a zuba. Abin da ke da madara ko gari labarinsa daban. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma sun fi sauri a zafin da ya yi kusa da na jikin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a riƙe dafaffen abinci sama da digiri 60. Tarmos na jinkirta isowa wannan iyaka, amma idan aka ƙetare ta, shi ne kuma ke riƙe abincin a cikin ɗumin da ƙwayoyin ke so na tsawon sa'o'i, fiye da yadda kwano buɗaɗɗe zai yi.

A lissafinmu, cikakken litir da aka zuba yana digiri 95 ya kai bakin iyakar ne bayan awa goma sha biyu, rabin litir kuma bayan shida. Kunun da aka bari ya sha iska kafin a zuba, a ce yana digiri 70, tazararsa da ɗaki 45 ce, kuma zai faɗo ƙasa da 60 cikin awa huɗu da rabi ko da tarmos ɗin cike yake. Don haka kunun sahur ko shayi mai madara da za a tafi da shi tasha, a zuba shi yana tafasa, a cika tarmos, a sha a cikin ƴan sa'o'i. Madarar jariri ta gwangwani kuwa ba a haɗa ta a ajiye a tarmos. Tafasasshen ruwan ake ajiyewa, a haɗa madarar lokacin da za a ba yaro, kuma ruwan ya kasance bai sauka ƙasa da digiri 70 ba lokacin haɗawa, sannan a sanyaya bibiron a cikin ruwan sanyi kafin a ba shi.